Yogot da ya ƙi kamawa da kunun zakin da ke kumbura roba

Tambaya: Ina yin yogot da kunun zaki na sayarwa a gida. Wani lokaci yogot ɗin ya kama cikin awa biyar, wani lokaci ya kwana bai kama ba, kuma ko ya kama ɗin, tsaminsa yakan ƙaru a firji. Kunun kuwa, idan babu wuta, kafin la'asar robar ta kumbura. An ce mini duk aikin bakteriya iri ɗaya ne. Shin haka ne? Kuma zan iya sa irin yogot a cikin kunu?

Malama, wanda ya gaya miki haka ya yi kusa da gaskiya, sai dai akwai saura. Dangi ɗaya ne, wato bakteriyar da ke cin sukari ta mayar da shi asid ɗin laktik, wanda shi ne tsamin da harshe ke ji a nono da koko da kunu. Amma a cikin dangin akwai jinsi masu yawa, kowanne da irin sukarin da yake iya ci, da zafin da yake so, da abin da yake fitarwa bayan tsamin. Matsalolinki guda uku duka suna komawa ga abu biyu: saurin da tsami ke hawa a awannin farko, da kuma cewa waɗannan halittu ba sa tsayawa don kawai ke kin gamsu da ɗanɗanon.

Bari mu fara da madara, domin lamarinta ya fi fitowa fili. Madarar shanu sabuwa ba ta da tsami. A ma'aunin pH tana kusa da 6.6 ko 6.7, kuma a wannan ma'auni, duk lokacin da lamba ta yi ƙasa, tsami ne ya ƙaru. A cikin kowace lita akwai sukarin madara, wato laktos, kimanin giram 47, sannan akwai furotin mai suna kesin wanda ke yawo a ruwan a matsayin ƙananan dunƙule da ido ba ya gani. Abin da ya hana dunƙulen nan haɗuwa shi ne cajin lantarki iri ɗaya da ke jikinsu, wanda ke sa suna ture juna. Idan bakteriya ta fara zuba asid, cajin yana raguwa a hankali. A wajajen pH 5.2 sai dunƙulen su fara manne wa juna, a 4.6 kuwa cajin ya ƙare, sun saƙa wata raga mai riƙe ruwa a cikinta. Wannan ragar ita ce kamawar da kike jira. Saboda haka yogot ɗin da ya ƙi kamawa, in dai madarar tana da isasshen kauri, yogot ne da tsaminsa bai kai 4.6 ba, kuma tambayar da ta dace a yi ita ce me ya hana bakteriyar aiki.

Yogot na ainihi jinsi biyu ne ke yin sa, kuma za ki ga sunayensu a jikin ledar irin da ake sayarwa: Streptococcus thermophilus da Lactobacillus delbrueckii subsp. bulgaricus. Na biyun wani ɗalibin likitanci ɗan Bulgariya, Stamen Grigorov, ya gano shi a birnin Geneva a 1905, daga sunan ƙasar Bulgariya sunan ya samo asali. Abin lura game da su shi ne kowannensu yana iya tsamar da madara shi kaɗai, amma a hankali, sai an haɗa su ne aikin ke sauri. Na farkon shi ke fara yaɗuwa. Yana cinye iskar oksijin da ta narke a madarar, yana fitar da asid ɗin fomik da iskar kabon dayoksaid, waɗanda na biyun ke buƙata don ya girma. Na biyun kuma yana da sinadarin yanka furotin a jikin bangonsa, yana daddatsa kesin zuwa ƙananan guntaye waɗanda na farkon ke ci, domin shi mafi yawan nau'insa ba su ƙware a wannan yankan ba. Na farkon ne ke sauko da pH zuwa wajajen 5, daga nan tsamin ya fara takura shi, sai na biyun, wanda ya fi jure tsami, ya karɓi aikin ya kai shi 4.6 har ƙasa da haka. Ƙamshin nan na musamman da ke bambanta yogot da nonon gida, mafi yawansa daga na biyun yake fitowa.

Dukansu masu son zafi ne, tsakanin digiri 40 zuwa 45 na ma'aunin Salsiyas, kuma a nan ne mafi yawan masu yin yogot a gida ke tuntuɓe. Ga yadda aikin lita goma yake idan an bi shi daki-daki. Za a dama madarar gari mai cikakken mai, kimanin kilo ɗaya da giram 400, a cikin ruwa lita tara, sannan a ɗora a wuta ana juyawa har ta kai digiri 85, a riƙe ta a nan na minti 30, ko kuma ta kai 90 zuwa 95 a riƙe na minti biyar. Mutane da dama suna tsallake wannan mataki da hujjar cewa madarar gari ai an riga an dafa ta a kamfani, sai su dama ta da ruwan ɗumi kawai. A ganina wannan tsimin gawayi ne da ke jawo asara, domin dafawar tana kashe abin da ya shigo ta ruwa da bokiti da muciya, tana korar iska daga madarar, kuma tana warware furotin ɗin ruwan madara ya manne a jikin kesin, abin da ke sa yogot ya yi kauri ya kuma rage tsatsar ruwa a samansa. Bayan haka a sanyaya ta da sauri, a tsoma tukunyar a cikin bahon ruwan sanyi a rufe, har ta sauko digiri 43. Sai a zuba iri kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, wato mililita 200 zuwa 300 a wannan lita goman, a juya sosai sau ɗaya, a rufe, a sa a kula ko a naɗe da bargo, kada a ƙara taɓa shi.

Yanzu a duba lissafin abin da ke faruwa a cikin bokitin. Yogot mai rai yana ɗauke da bakteriya miliyan ɗaruruwa a kowace mililita, don haka idan aka zuba kashi biyu cikin ɗari, madarar za ta fara da kimanin miliyan goma a mililita. A zafin da ya dace, kowace ƙwaya tana rabuwa biyu cikin rabin awa ko ɗan fiye da haka. Ninki shida ya mayar da miliyan goma miliyan 640, kuma wannan ne ke cin mafi yawan awa huɗu zuwa shida da aka saba gani. Idan kuwa zafin ya faɗi zuwa digiri 30, kamar yadda yake faruwa a daren hunturu ga bokitin da aka ajiye a kan siminti, kowane ninki yana ɗaukar lokaci mai tsawo sosai, sai gari ya waye madarar tana nan ruwa-ruwa. Haka nan idan irin ya tsufa a firji har ƙwaya ɗaya cikin ɗari ce kawai ta rage da rai, ana buƙatar ƙarin ninki kusan bakwai kafin ma a kai inda ya kamata a fara, wato lokacin ya ninka ke nan. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya zuba iri a madarar da ta wuce digiri 55 saboda gaggawa, ya kashe mafi yawansu da hannunsa. Gwajin yatsa da iyayenmu ke yi, a tsoma yatsa a ji ko za a iya jurewa, yana aiki ga wadda ta shekara tana yi, amma ga mai sana'a, ma'aunin zafi na kicin shi ne kaya mafi arha da zai fi rage mata asara.

Jinkirin nan ba batun ɓata lokaci ba ne kawai, kuma wannan shi ne abin da nake so ki fi riƙewa. Madara mai ɗumi marar tsami abinci ce ga kowace irin bakteriya, mai amfani da mai cutarwa. Akwai Bacillus cereus, wadda ke da ƙwayar iri mai tauri da tafasa ba ta kashewa. Akwai Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a hanci da fatar mutane masu lafiya kuma take fitar da guba wadda zafi ba ya lalatawa. Akwai kuma dangin bakteriyar hanji da ke shigowa ta ruwa da hannu. Mafi yawan waɗannan ba sa iya yaɗuwa idan pH ya sauka ƙasa da 4.6. Idan irinki yana da ƙarfi, yana rufe musu ƙofa cikin 'yan awanni kafin su yi yawa. Idan ya yi sanyin jiki, sun sami dare guda suna hayayyafa. Shi ya sa yogot ɗin da ya kama cikin awa biyar da wanda ya kama bayan awa goma sha takwas ba abu ɗaya ba ne, ko da a ido sun yi kama. Alamomin da ke nuna baƙi ne suka yi aikin su ne ramuka ko kumfa a cikin abin da ya kama, wari mai kama da na ruɓa ko na yis, ɗaci a bayan harshe, ko kuma kamawa ba tare da tsami ba. Wannan ta ƙarshen tana ruɗar mutane: wasu nau'in Bacillus suna daskarar da madara da sinadarin yanka furotin, ba da asid ba, sai ka ga ta kama amma babu tsami ko kaɗan. Irin wannan zubarwa ake yi, kuma ba a ɗebi iri daga cikinsa.

Idan zafi daidai ne, iri sabo ne, amma duk da haka ya ƙi, to a tuhumi madarar. Saniyar da aka yi wa allurar fenisilin ko oksitetrasaikilin tana fitar da ragowar maganin a nononta na wasu kwanaki, kuma Streptococcus thermophilus yana daga cikin bakteriyar da ɗan kaɗan na fenisilin ke tsayarwa; tafasa madarar ba ya kawar da maganin gaba ɗaya. Wannan ya fi shafar mai sayen madarar ruga. Mai aiki da madarar gari kuma ta duba ragowar bilic ko sabulu a bokiti, da yawan sukarin da take zubawa kafin iri, domin sukarin da ya haura kashi goma cikin ɗari yana janye ruwa daga jikin ƙwayoyin ya rage musu sauri; ya fi kyau a dafa sukarin da ɗan ruwa a zuba bayan yogot ya kama. Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A ɗauki kofi biyu masu tsabta, ɗaya da madarar da ake zargi, ɗaya da madarar garin da aka san tana kamawa, a dafa su daidai, a sa musu iri ɗaya, a ajiye su a kula ɗaya. Idan duka biyun suka ƙi, laifin iri ne ko zafi. Idan ɗaya kawai ya ƙi, laifin madara ne. Ya kamata kuma a sani cewa wasu yogot ɗin shago an sake dafa su bayan sun kama domin su daɗe a kanta ba tare da firji ba, kuma irin waɗannan babu ƙwaya mai rai a cikinsu, don haka ba sa zama iri.

Batun ɗiban iri daga na jiya a zuba a na yau yana da iyaka. A kowane zagaye, daidaiton da ke tsakanin jinsin biyu yana karkata: idan ana barin yogot ya daɗe a ɗumi, bulgaricus yana rinjaye, tsamin ya yi kaifi, idan ana yi a zafin da bai kai ba, ɗayan ne ke rinjaye, a sami yogot marar ƙamshi. Ban da haka, kowane zagaye yana shigo da ɗan yis da baƙin bakteriya, kuma akwai wasu ƙwayoyin bairos da ke kama bakteriya kaɗai, waɗanda kan taru a wurin da ake maimaita iri ɗaya, har wata rana iri ya mutu haka kawai. Shawarata ga mai sayarwa ita ce ta ware irin gobe a cikin kwalbar da aka tafasa tun lokacin da take zuba na yau, kafin a sa sukari ko cokali ya shiga, kuma ta koma ga sabon iri bayan zagaye kaɗan, ba sai ta jira ya lalace ba.

Tsamin da ke ƙaruwa a firji kuwa dalilinsa a bayyane yake idan aka duba abin da ya rage. A lokacin da yogot ya kama, bakteriyar ba ta ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na laktos ɗin ba, asid ɗin da ke ciki kuma bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari ba. Abinci yana nan da yawa, kuma bulgaricus yana iya ci gaba har pH ya sauka zuwa 4 ko ƙasa. Sanyin firji na digiri 4 ko 5 yana rage masa gudu ƙwarai, amma bai kashe shi ba. Babbar matsalar ma ita ce bokitin lita goma da aka sa a firji ba ya yin sanyi nan take. Tsakiyarsa na iya zama da ɗumi na awanni, a nan ne mafi yawan ƙarin tsamin ke samuwa. Maganin shi ne a cire shi daga kula da zarar ya kama, tun tsamin bai kai yadda ake so ba, a tsoma bokitin a ruwan ƙanƙara, sannan a raba a ƙananan robobi. Kowace ɗaukewar wuta da ta bar firjin ya yi ɗumi tana sake tada su, kuma tsamin da ya hau ba ya saukowa.

Kindirmon da matan Fulani ke kawowa wata hanya ce daban, kuma sanin bambancin yana da amfani. Ana dafa madara, a bar ta ta huce, a zuba ɗan nonon jiya, a rufe ƙwarya da faifai ta kwana a zafin ɗaki. Masu aikin a nan tarin jinsi ne da suka fi son matsakaicin zafi, irin su Lactococcus lactis da Leuconostoc, tare da wasu nau'in laktobasilas da yis, kuma ƙwaryar kanta, da yake tana da ƙananan ƙofofi a jikinta, tana riƙe su daga wannan rana zuwa waccan. Shi ya sa kindirmo ke kamawa ba tare da bargo ba, ƙamshinsa kuma ya fi karkata ga na man shanu. Dafawar farkon ce ginshiƙin lafiyarsa, domin nonon da aka bari ya yi tsami daga ɗanyar madara yana iya ɗaukar ƙwayar tarin fuka na shanu da ta cutar ɓarin ciki ta dabbobi, kuma tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen kashe su.

Yanzu ga gero, inda lamarin ya juya. Madara tana zuwa da sukarinta a narke, gero kuwa kusan duk abincin da ke cikinsa sitaci ne, wato dogayen sarƙoƙin gulukos waɗanda mafi yawan bakteriyar laktik ba sa iya yankawa. Dole wani ya fara daddatsa sitacin zuwa sukari, kuma duk hikimar haɗa kunun zaki a kan wannan aka gina ta. Ana jiƙa gero ya kwana, a wanke, a niƙa da citta da kanumfari da masoro, sannan a raba ƙullun gida biyu. Babban kason ana sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, domin sitacin da ya dahu ya kumbura ne kaɗai ke yankuwa cikin sauƙi. Ƙaramin kason ana barin sa ɗanye, sau da yawa an haɗa shi da busasshen dankalin Hausa ko hatsin da aka tsirar, kuma shi ne ke ɗauke da abubuwa biyu: sinadarin amilas mai yanka sitaci, wanda dankali da tsiro ke da shi da yawa, da kuma bakteriya da yis ɗin da suka hayayyafa tun lokacin jiƙo. Idan aka zuba ɗanyen a kan dafaffen, za ki ga kaurin ya saki ya tsinke cikin ɗan lokaci, zaƙi ya fara fitowa tun ba a sa sukari ba. Wannan aikin amilas ne, yana samar da sukarin maltos. Sai da dare bakteriya ta bi bayansa ta mayar da wani ɓangare na sukarin tsami, kafin safiya pH ya sauka wajajen 4.

Lokacin haɗa kason biyu shi ne mahaɗar aikin. Idan aka zuba ɗanyen tun dafaffen yana tururi, sama da digiri 70, amilas ya lalace, bakteriyar ta mutu, a wayi gari da kunu mai kauri, babu zaƙi babu tsami. Idan aka bari ya huce sarai, amilas zai yi aiki a hankali, zaƙin ya yi ƙaranci. Abin da ake nema shi ne wajajen digiri 50, inda amilas ke da kuzari kuma yawancin bakteriyar za su tsira yayin da ƙullun ke ci gaba da hucewa.

Jinsin da suka fi yawa a tsamin hatsi, bisa binciken da aka yi a kan kunun zaki da koko da makamantansu a Afirka ta Yamma, su ne Limosilactobacillus fermentum da Lactiplantibacillus plantarum, tare da Weissella da Pediococcus da Leuconostoc. Biyun farko a tsofaffin littattafai za a gan su da sunan Lactobacillus, domin a 2020 ne masana suka raba wannan babban rukuni zuwa gida 25. Abin da ya shafe ki game da su shi ne hanyar da suke bi wajen cin sukari. Bakteriyar yogot tana mayar da kowane gulukos guda ɗaya zuwa asid ɗin laktik guda biyu, kusan babu wani abu kuma. Fermentum da Weissella da Leuconostoc kuwa suna mayar da shi asid ɗin laktik guda ɗaya, da kabon dayoksaid guda ɗaya, da ɗan giya ko asid ɗin binega. Ga su ga yis, wanda tsami ba ya damun sa kuma aikinsa shi ne mayar da sukari iska da giya. To, kin tace kunu da safe yana cike da waɗannan masu rai, kin zuba masa sukari, kin rufe shi a roba, wuta ta ɗauke, zafin bazara ya haura digiri 35. Iskar da suke fitarwa ba ta da mafita, ita ce ke kumbura robar, kuma idan kin buɗe za ki ji tsaki da ɗan warin giya. Yogot ɗin da aka yi da tsabta ba ya kumbura roba. Ranar da kika ga naki ya kumbura, yawanci yis ne ya shiga, galibi ta hanyar sukari, ko kayan ƙamshi, ko robar da ba a wanke da kyau ba.

Hanyoyin rage wannan asara kaɗan ne, kuma kowace da abin da za a sadaukar. Ta farko ita ce jinkirta sukari da rage yawansa, a kuma zuba shi a dafe, domin shi ne abincin da ya fi saurin ciyar da yis. Ta biyu sanyi ne tun daga minti na farko: a tace da ruwan da aka tafasa ya huce, a sa robobin cikin ƙanƙara nan take, ba sai an gama ɗura na ƙarshe ba. Ta uku, wadda ita ce kaɗai ke tsayar da aikin da gaske, ita ce a ɗumama kunun bayan tacewa zuwa wajajen digiri 70 zuwa 75 na kimanin minti 15 zuwa 20 ana juyawa, a ɗura a rufe, a sanyaya. Wannan yana kashe yis da bakteriyar laktik, tsamin da aka riga aka samu yana nan, sai dai ɗanyen sitacin da ya rage zai dahu ya ƙara wa kunun kauri, don haka sai an gwada da lita ɗaya an daidaita ruwan. Wasu za su ce ai an kashe masu amfanin. Gaskiya ne, amma koko ma haka yake: gasarar ta yi tsami, tafasasshen ruwan da aka dama ta da shi ya kashe kusan duk abin da ke ciki, kuma ribar tsamin ba ta tafi ba, domin tun a lokacin jiƙo da tsami an rage sinadarin fayitet, wanda ke riƙe ƙarfe da zinki a cikin hatsi ya hana jiki sha. Abin da tsami ba ya gyarawa shi ne geron da ya yi fumfuna a rumbu; gubar afalatoksin ba a dogara ga tsami ko dafuwa wajen kawar da ita, sai dai a tsince hatsin tun farko ko a ƙi sayen sa. Robobin da aka tsinto aka sake amfani da su kuwa, ko an ɗauraye, wuyansu da murfinsu suna riƙe yis ɗin da zai mayar da aikin baya.

Sa irin yogot a kunu ba zai ba ki abin da kike nema ba. Jinsin nan biyu sun daɗe suna rayuwa a madara har sun rasa ikon cin sukari iri-iri. Bulgaricus ba ya cin maltos, wanda shi ne babban sukarin da amilas ke samarwa a ƙullun gero, ɗan'uwansa ma laktos da sukarin rake ya fi sani, kuma dukansu suna son zafin da ƙullun da ke kwana a tsakar gida ba ya riƙewa. 'Yan asalin geron ne za su rinjaye su. Idan burinki shi ne kunun ya riƙa fitowa iri ɗaya kullum, irin da ya dace yana cikin gidanki: ki ware ɗan ƙullun da ya yi tsami mai daɗi kafin a sa masa sukari, ko ruwan tsamin da ya kwanta a saman gasara mai kyau, ki ajiye a sanyi, ki zuba kimanin kashi biyar cikin ɗari a sabon haɗi lokacin da kike haɗa kason biyu. Tsamin zai hau da wuri, don haka ki rage tsawon kwanan, ki ɗanɗana bayan awa shida maimakon jiran asuba. Ranar da haɗin ya fito da yauƙi, ko warin giya, ko farin fata-fata a samansa, kada ki ɗebi iri daga cikinsa. Ki tafasa bokiti da rariya da muciya, ki fara daga sabon jiƙo.